Taƙaitawa: yadda za a hana goge lissafi a Google Sheets

Na tattaro shawarwarin da aka bayar kan matsalar goge lissafi a wata takardar ciniki da mutum huɗu ke cikawa lokaci guda.

1. An gano cewa a layin jimilla akwai lissafin =B2*C2, sai wani ya rubuta 45000 a kai da hannu. Alamarsa ita ce ka canza yawan kaya, jimilla ta ƙi motsi. Idan mutum biyu suka rubuta a gida ɗaya kuwa, wato akwati guda na cikin takardar, na ƙarshe ne ke zama.

2. Kowa ya yarda a kulle layin ta Data > Protect sheets and ranges. A nan aka rabu: wasu sun ce gargaɗi kawai ya isa, wasu sun ce a bar wa mutum ɗaya izini. Ni ina tare da na biyun, domin mai sauri danna OK zai yi ya wuce.

3. Kada a garzaya maido da tsohuwar takarda ta Version history, don duk aikin da abokai suka shigar bayan lokacin zai tafi. A fara danna gidan da maɓallin dama, a zaɓi Show edit history, a ga wanda ya canza da abin da ke ciki a da, sannan a gyara gidan kaɗai.

4. Mai son tace bayanai ya buɗe filter view nasa, kada ya hargitsa wa sauran.