Neman kalma: kashi ɗaya, lamba biyu

Mai Shirin Asabar: Jama'a a taimaka, gobe da ƙarfe 4 zan shiga situdiyo. Wani mai sauraro ya tambayi abin da ya sa kashi guda na fim mai dogon zango yake zama na 1 a wani jeri, na 6 a wani. Amsar ina da ita, sunan jerin biyun ne ya gagare ni. Ɗaya yadda tasha ta nuna, ɗaya yadda kamfani ya yi aikin. Misalina Star Trek, fim ɗin Amurka na 1966.

Hajiya Malama: Jerin haskawa da jerin ɗauka. Ai ba sai an kai ruwa rana ba.

Edita: Hajiya, haskawa ta zauna. Ɗauka ce ban yarda da ita ba. Ita lambar nan tun labari yana takarda ake ba shi, da ita ake rubuta kuɗi da kaya da ma'aikata. Kuma tsaikon ba a gaban kyamara yake ba. Duba misalin nasa: "The Corbomite Maneuver" shi aka fara ɗauka bayan kashi biyu na gwaji, lambarsa 3, amma sai na 10 ya fita, a Nuwamba 1966, don haɗa hotunan jiragen sararin samaniya ya ci lokaci. Tashar NBC ta duba waɗanda suka kammala ta zaɓi "The Man Trap", mai dodon da ke zuƙe gishirin jikin mutane, ta buɗe da shi ran 8 ga Satumba. Lambarsa 6. Ni jerin aiki zan ce.

Baban Yara: Wannan ai aikin masu ɗorawa a YouTube ne. Su raba kashi ɗaya gida uku, ka nemi na 12 ka samu na 5.

Edita: Wancan daban ne, Baba. Wannan daga tasha ne.

Ɗan Damagaram: Ku saurara. Jerin tukunya da jerin akushi. Abin da aka fara ɗorawa a wuta ba lallai shi za a fara zubawa ba. Kowace tsohuwa za ta gane.

Hajiya Malama: Ya faɗi haka a rediyo mutane su zaci shirin girki ne?

Ɗan Damagaram: To "jerin aiki" fa? Aikin me, gini? Ku matsalarku in kalma ba daga Kano ta fito ba, ba Hausa ba ce. "Zango" da kuke ta faɗa, na ayari ne, wa ya yi muku gardama da kuka ɗora wa fim?

Malamin Nahawu: Ni "haskawa" ma ban so. Daga majigi aka ɗauko ta. Tasha watsawa take yi.

Hajiya Malama: Malam, je ka tambayi duk mai kallo yaushe za a haska kashi na gaba, ka ga ko zai ce bai gane ba.

Ɗan Damagaram: Ga shi nan, in jama'a suka karɓa ta zama kalma. Akushi ma za su karɓa.

Mai Shirin Asabar: Don Allah a dawo. Edita, yaya mai kallo zai gane an sauya jeri, ba tare da ya ga lamba ba?

Edita: Daga fuska da tufafi. A kashi na 1 da na 2 da aka haska, likitan jirgi McCoy ne. A na 3, "Where No Man Has Gone Before", sai ga wani likita daban, babu Uhura jami'ar sadarwar jirgin, rigunan ma wuyansu daban. A na 4 kowa ya dawo kamar ba a yi ba. Dalili kuwa, na 3 ɗin nan gwaji na biyu ne, tun 1965 aka yi shi, kafin a gama zaɓen 'yan wasa. A na 10 kuma za ka ga Uhura da riga ruwan zinare, alhali an saba ganinta da ja.

Malamin Nahawu: Kenan jerin aiki shi ne daidai, tasha ce ta ɓata.

Edita: Ba kullum ba, Malam. Wani lokaci kamfani da kansa yake fara yin kashi na 7 kafin na 4, saboda ɗan wasa zai yi tafiya, ko an riga an gina ɗakin da za a yi ɗauka a ciki. A nan yadda aka haska shi ne yadda marubuci ya so. Akwai jeri na uku ma, na yadda labarin yake tafiya.

Ɗan Damagaram: Shi kuma jerin loma.

Mai Shirin Asabar: Na ukun sai wani makon. Gobe jerin haskawa da jerin aiki zan ce, in ƙara da "na kamfani" a karon farko.

Malamin Nahawu: Je ka, amma ni a aji watsawa zan rubuta.