Neman kalma: inzalin da ba ya fitar da maniyyi ga masu shan maganin furostet

Nasiru Famasis: Jama'a, ku taimaka da kalma. Takardar cikin kwalin tamsulosin, maganin da ake ba masu kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta ambaci wani lahani: mutum ya kai ga biyan buƙata, ya ji daɗinsa, amma maniyyi bai fito ba, ko ya fito ɗan kaɗan. Idan muka ce wa dattijo "matsalar iyali", sai ya ɗauka gabansa zai mutu, ya jefar da magani, fitsari ya sake tsaye masa. Ni na fi karkata ga "komawar maniyyi".

Malam Bello: Ai akwai kalma tuntuni, mutuwar sha'awa.

Likita Umar: A'a Malam, wannan wani abu ne daban, kuma ya fi kusa da finasterayid, wani maganin furostet ɗin. Shi miligiram 5 ne a rana, yana hana sinadarin maza rikiɗa zuwa nau'in da ke kumbura furostet, sai ta motse a hankali cikin wata shida ko fiye. Wasu sha'awarsu kan ragu, ruwan ma ya ragu. Tamsulosin kuwa, miligiram 0.4 bayan cin abinci, sassauta naman bakin mafitsara yake yi don fitsari ya wuce, ba kasafai yake taɓa sha'awa ba.

Nasiru, "komawa" tana da gyara. Gaskiya ne idan bakin mafitsara bai rufe ba, maniyyi kan zube cikinta. Amma ga da yawa masu shan tamsulosin, jakunkunan maniyyin ne ba su matso shi ba tun farko, to me ya koma? Ɗauki mai shekara 60 da ya fara sha, bayan mako ɗaya ya zo da wannan kuka. Sai a ce ya yi fitsari kafin saduwa, a karɓi na farko bayanta. Idan ya fito dishi-dishi, aka ga ƙwayoyin haihuwa a madubin awo, maniyyin ya koma ke nan. Idan garau yake, maniyyin bai fito ba ne tun farko.

Hajiya Asabe Nas: To a ce "busasshen inzali", ya haɗa duka biyun. Sai dai a ɗakin duba marasa lafiya nan Sakkwato, ba kowa ya san inzali ba sai wanda ya yi karatun littattafai. "Ɗaukewar ruwa" ta fi saurin shiga kunne, kuma babu nauyin baki.

Likita Umar: Na karɓi ta Hajiya, domin abin da ya ɗauke yana dawowa: kwanaki kaɗan bayan an daina tamsulosin sai ya daidaita. Amma kada mutum ya daina da kansa. Mai neman haihuwa ya faɗa tun farko, akan musanya masa da alfuzosin, wanda bai cika jawo haka ba.

Nasiru Famasis: A rubuce "busasshen inzali", a baki "ɗaukewar ruwa". Saura sunan furostet kanta, har yanzu aro muke yi.