Rahoton wata uku ya makara: yaya zan tuna wa ma'aikata ba tare da ya zama barazana ba?

Mai kula da aikin haɗakar manoma, Maradi:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina neman shawara kafin in aika wani saƙo da nake tsoron in yi nadamarsa. Ma'aikata biyar ke ƙarƙashina, suna bin ƙungiyoyin manoma a Madarunfa, Gidan Rumji, Agye, Tasawa da Dakoro. Mun yi da su cewa kowa zai kawo rahoton watannin Afrilu zuwa Yuni ranar 10 ga Yuli, domin in haɗa su in miƙa wa masu ba mu tallafi ranar 25. Yau 14 ga wata, mutum biyu kaɗai suka kawo. Ga abin da na rubuta ban aika ba tukuna: "Wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe. Na gaji da sakacinku. Duk wanda bai kawo rahotonsa da gaggawa ba, ya kuka da kansa." Biyu daga cikin ukun da suka rage sun girme ni nesa ba kusa ba, ɗaya ma Baba nake ce masa. Me kuka gani?

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Ni dai ban ga laifin saƙon ba, Hajiya. Ki ƙara da cewa za a tsaida kuɗin man babur ɗinsu, za ki ga rahoto kafin la'asar.

Tsohon sakatare, Bagalam:
Ɗiyata, kada ki aika shi haka. Na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan takardu, kuma abin da na fara dubawa a saƙonki shi ne abin da mutum zai iya aikatawa bayan ya karanta. Ban samu ba. Ba ki faɗi wane rahoto ba, ba ki faɗi ranar da aka yi alkawari ba, kuma "da gaggawa" ba rana ba ce, domin gaggawar wanda ke zaune ofis a Maradi daban take da ta wanda ke cikin karkarar Dakoro da damina. Jimloli uku kika rubuta, dukkansu a kan fushinki suke, babu wadda ta faɗi aikin da kike nema.

"Ya kuka da kansa" kuwa ita ce barazanar kanta, saboda tana nuna akwai wani abu da za ki yi wa mutum amma kin ɓoye shi. Abin da ya kamata ki faɗa shi ne abin da jinkirin zai jawo ko da ke ba ki ɗaga yatsa ba. Ki gaya mana gaskiya, idan ranar 25 ta wuce ba ki miƙa ba, me zai faru?

Mai kula da aikin haɗakar manoma, Maradi:
Baba, ba za a saki kashi na biyu na kuɗin ba sai sun karɓi rahoton sun duba shi. A cikin kashin nan ne kuɗin takin da za a raba wa manoma yake, har da kuɗin man su ma'aikatan.

Tsohon sakatare, Bagalam:
To, kin ga ƙarfin saƙonki yana hannunki kin bar shi kin ɗauko sanda. Duk wanda ya san noma ya san takin da ya iso bayan hatsi ya fid da kai ya rasa rabin amfaninsa, kuma su ne za su tsaya gaban manoma su yi bayani, ba ke ba. Ga yadda zan rubuta da ni ne:

"Assalamu alaikum, barkanku da aiki, ya damina? Ina tuna mana rahoton Afrilu zuwa Yuni da muka tsaida ranar 10 ga Yuli. Na Agye da na Tasawa sun iso, na gode. Saura uku. Ina buƙatar su a hannuna ranar Alhamis 17 ga wata kafin ƙarfe 4 na yamma, domin sai na haɗa su na duba lissafi kafin in miƙa ranar 25, kuma sai an karɓi rahoton ne za a saki kuɗin taki da na mai. Abu uku ne ba zan iya yi ba sai da ku: jerin manoman da suka karɓi iri da sa hannunsu, yawan buhunan da aka raba a kowane gari, da rasiɗan abin da aka kashe. Wanda wani abu ya tare shi ya kira ni yau ko gobe mu san yadda za mu yi. Ranar Laraba da safe zan kira kowa in ji inda aka kwana."

Ki lura na ce Alhamis, ban ce Juma'a ba. Juma'a rabin yini ake aiki, ga masallaci, ga kasuwar Maradi tana ci, duk abin da aka ɗaura wa Juma'a Litinin ake ganinsa.

Malamar makaranta, Ali Ɗan Sofo:
Idan matsalar tsarin rahoton ce, ina da wani da muke cikewa a ƙarshen zango, mai shafi biyu, zan iya turo miki ki ba su.

Mai kula da aikin haɗakar manoma, Maradi:
Na gode Malama, suna da takardar cikewa tun watan Afrilu. Kawo ta ne ya gagara.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
To Baba, ai ku ma kun ambaci kuɗin mai. Mene ne bambancin maganarku da tawa?

Tsohon sakatare, Bagalam:
Alhaji, a taka maganar Hajiya ce za ta riƙe kuɗin don ta hora su, a tawa kuwa kuɗin ne ba zai zo ba, ita ma har da ita cikin masu jira. Ta farko mutum zai tambayi kansa ko tana da ikon yin haka, ta biyu kuwa babu wanda zai yi gardama da ita tunda gaskiya ce da kowa zai iya bincikawa. Amma da sharaɗi ɗaya: ya zama haka abin yake. Idan kuɗin man yana cikin asusu tun tuni aka ce wai yana jiran rahoto, ranar da suka gane, an gama yarda da maganarta.

Mai ajiyar kuɗi, Ɗan Gulbi:
Bari in ba da labarin abin da ya same ni, domin na taɓa bin shawara irin ta Alhaji. A wani wuri da na yi aiki, rasiɗan wata biyu suka maƙale hannun ma'aikata huɗu, ni kuma masu binciken kuɗi suna tafe. Raina ya ɓaci, na rubuta a zauren ma'aikata cewa duk wanda bai kawo ba zuwa Litinin ba zai ga albashinsa ba, na kuma jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Litinin ta zo, mutum ɗaya ya kawo. Na je wurin shugaba in ce a tsaida albashin sauran, ya dube ni ya ce ba a taɓa albashin ma'aikaci a kan makarar takarda, akwai matakan da doka da yarjejeniyar aiki suka shimfiɗa, kuma ba ni ke da wannan hurumin ba. Ƙarshen wata kowa ya karɓi kuɗinsa cif, a hannuna kuma, ni na ƙirga musu. Daga ranar duk saƙon da na rubuta sai ya zama abin dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya kawo a kan lokacin. Saboda tsoro, ya cike guraben da ba shi da rasiɗinsu da ƙiyasi, lissafin ya ƙi haɗuwa da jaka goma sha biyu, na kwana uku ina neman inda suka shiga. Ɗaya daga cikin waɗanda na jera sunansu kuwa, ashe matarsa ce kwance asibiti, bai gaya wa kowa ba. Har na bar wurin gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Saboda haka, Hajiya, jimlar Baba da ta ce wanda wani abu ya tare shi ya kira, kada ki cire ta don ki ga kamar sassauci ce. Ita ce za ta hana a kawo miki lissafin ƙarya.

Ma'aikacin gona, Madarunfa:
Ni ina cikin masu karɓar irin wannan saƙo, ko da yake ba a ƙungiyar Hajiya nake ba. Sau da yawa ba rubutun ne ke tsaida mu ba, sa hannun ne. Yanzu kowa yana gona tun asuba, sai ka je gari sau biyu ba ka sami rabin waɗanda suka karɓi iri ba, ka kuma ji kunyar kawo jeri da gurabe. Da za a ce mana mu turo hoton abin da ya kammala, sauran ya biyo baya, da an rage rabin jinkirin.

Mai kula da aikin haɗakar manoma, Maradi:
Wannan ban yi tunaninsa ba, Malam. Yawan buhuna da rasiɗai zan iya fara aiki da hotonsu, amma jerin sa hannun dole sai na asali kafin 25. Zan rubuta haka a fili, in ba jerin har Talata 22.

Jami'ar ma'aikata, Zariya ta Maradi:
Gyaran Baba ya yi, sai dai wuri ɗaya ban yarda ba. Da ya ce na Agye da na Tasawa sun iso, ai ya faɗi sunan sauran ukun ke nan, tunda su biyar ne kuma kowa ya san kowa. Ni da zan bar zauren da tunatarwa ta bai ɗaya, in ce biyu sun iso saura uku, sannan in bi kowa shi kaɗai da abin da ya rage masa. Dattijon nan kuma da take ce wa Baba, kada ya fara ganin maganar a rubuce. Ta kira shi, ta gaishe shi da iyali da gona yadda ya kamata, ta ce "Baba, rahotonku nake jira in rufe nawa," sannan ta tura rubutun a matsayin abin da suka tsaida. Girmamawar tana cikin gaisuwa da "ku" da za ta ce masa, ranar Alhamis ɗin kuwa ba ta motsawa don shekarunsa.

Tsohon sakatare, Bagalam:
Kiran dattijon na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma yaba wa wanda ya cika alkawari ba tonon asirin kowa ba ne, kuma idan ba a ambace su ba, gobe su ma za su ga babu ribar kawowa a kan lokaci.

Jami'ar ma'aikata, Zariya ta Maradi:
Ana iya yi musu godiyar su kaɗai, Baba. A zaure kam ina nan kan bakana.

Mai ajiyar kuɗi, Ɗan Gulbi:
Akwai kuma batun shugaban haɗakar. Kada ki sa shi cikin saƙon farko, domin ganin sunansa kaɗai ya isa a ɗauka ƙara kika kai. Idan Alhamis ta wuce, saƙo na biyu ya zama gajere, ki ce ranar Litinin za ki ba shugaba bayanin inda rahoton ya tsaya kamar yadda kike yi kowane zango, kuma kina so ki ce masa ya kammala. Amma sai idan da gaske kina ba shi bayanin kowane zango.

Ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Duk na ji, amma wanda ya saba makara sai ya ga wuya yake gyarawa.

Jami'ar ma'aikata, Zariya ta Maradi:
Wanda ya saba makara maganarsa daban ce, Alhaji, zama ake yi da shi bayan an miƙa rahoto, a rubuta abin da aka tattauna. Idan aka cusa ta cikin tunatarwar yau, sauran biyun da wannan ne karonsu na farko za su sha faɗan da ba nasu ba.

Mai kula da aikin haɗakar manoma, Maradi:
Allah ya saka da alheri. Na kira Baban, ya ce rasiɗan suna hannunsa, sa hannun garuruwa biyu ne ya rage masa, zai turo hoton sauran gobe da safe. Saƙon zaure na ɗauki na Baba sakatare, na ƙara maganar hoto da ranar 22, sunayen Agye da Tasawa kuma na cire su na mayar har sau biyu, a ƙarshe na bar su. Na Dakoro ne har yanzu wayarsa ba ta shiga. Ko akwai wanda zai bi motar Dakoro gobe in ba shi takarda?