Bonas na ƙarshen shekara da "maltifilaya": wace Hausa za mu ba su?

Mai fassara: Salam jama'a, ina fassara wa ma'aikata takardar bayanin bonas ne na maƙale. Abu uku ake haɗawa, albashi, makin da oga ya ba mutum, sai kuma yadda kamfanin gaba ɗaya ya cimma burin shekara. Bonas ɗin na sa "tukuici", maltifilaya kuma, wato lambar da ake buga kuɗin sau da ita, na sa "ninki". Ya kuka gani?

Malamar Hausa: Tukuici bai zauna ba gaskiya, ai wanda ya kawo maka kyauta kake ba tukuici, kuma abin da ranka ya so. Wannan kuwa lissafinsa a rubuce yake. Ni "ladan ƙwazo" zan ce.

Sabon shiga: Ba shi ne alawus ba?

Tsohon akanta: A'a ɗan'uwa, alawus ba ruwansa da makinka. Malama ladan ƙwazo ya yi, ni matsalata "ninki" ce, don duk wanda ya ji ninki zai sa rai kuɗi za su ƙaru, alhali lambar nan tana iya sauka ƙasa da 1 ta zaftare su. A ce albashinka na shekara 1,200,000, aka ce bonas ɗinka kashi 10 cikin 100, wato 120,000 ke nan in komai ya tsaya a 1. Makinka ya yi kyau aka ba ka 1.2, ya koma 144,000. To sai kamfani bai kai burinsa ba aka sa masa 0.8, a ƙarshe 115,200 za ka gani tun ma kafin a cire haraji.

Ɗan kasuwa: Oga ai 20 sama 20 ƙasa ne, kamata ya yi ya dawo 120,000 cif.

Tsohon akanta: Da tarawa ake yi da haka ne. Sau ake bugawa, 1.2 sau 0.8 kuwa 0.96 ne, tunda ragin kamfani a kan 144,000 ya faɗa. Kuma a wasu tsare-tsaren in kamfani bai haura wani ƙaramin mizani ba lambarsa 0 ce, ka ga ko makinka 1.5 ne ba ka da ko sisi.

Uwar biyu: Wallahi abin da ya same ni bara ke nan, na samu maki mafi girma a sashenmu na gama kasafta kuɗin a raina, da takardar biya ta fito sai na ɗauka kuskure aka yi, ashe lambar kamfani ce ta ja mu ƙasa kuma ba wanda ya yi mana bayani.

Malamar Hausa: To a bar ninki. "Awon ƙwazo" na mutum, "awon kamfani" na gaba ɗaya, awo dai yana hawa yana sauka.

Tsohon akanta: Ya fi, sai dai awo bai nuna cewa sau ake bugawa ba, wani zai ɗauka makin ne kansa. Maki daban, lambar da aka jingina masa daban.

Mai fassara: Na gode, na ɗauki ladan ƙwazo da awon kamfani. Na mutum ɗin zan sa "lambar sau ta ƙwazo" tukuna, duk da ta yi min tsawo a baki.