Me kuke tambayar kwastoma kafin ku faɗi farashi?

Mubarak: Salamu alaikum jama'a. Wata Hajiya mai atamfa da leshi a Kantin Kwari ta kira ni cikin azumi, wai nawa zan yi mata shafin sayar da kaya a intanet kafin Sallah. Ban yi wata-wata ba na ce dubu 150. Da aka fara aiki sai ga kaya kala 300, babu hoto ko ɗaya mai kyau, kuma tana son a riƙa biya da kati. Na gama dai, amma wahala kawai na ci. Jibi zan yi waya da wani mai takalma. Me zan tambaye shi?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Ka ce masa nawa ya ware, shi ke nan. Ban da kewaye-kewaye.

Anti Zainab: Kabiru, tambayar dole ce, amma ba da ita ake buɗe magana ba. Ɗan kasuwa ne fa, kullum cikin taya da albarka yake. Ya san in ya ce dubu 400, nan farashinka zai tsaya. Cewa zai yi "kai dai faɗi naka".

Ni da wannan nake farawa: "Alhaji, yanzu yaya kuke ciniki, daga mutum ya ga kaya har kuɗi su shigo?" Sai in yi shiru. A nan za ka ji ainihin ciwon. In ya ce oda na ɓacewa cikin saƙonnin WhatsApp, ko an sha turo masa alat na bogi, to hanyar biya ce zuciyar aikin, sai maganar haɗa Paystack ko Flutterwave. In kuwa so yake kawai a ga kayan, aikin ƙarami ne, wani ma katalog ɗin WhatsApp Business ya ishe shi. Daga nan ka tambayi kala nawa ne, wa zai ɗauki hoto, wa zai riƙa sauke abin da ya ƙare. Nan Hajiyar ta kama ka.

Nura: Ni dai ba na taɓa aiki sai an ba ni rabi kafin alƙalami.

Mubarak: Yaya Nura, rabin nawa? Ai kuɗin ne ban san yadda zan yanke ba tukuna. Anti, to ta ina kike shigo da maganar kuɗin?

Anti Zainab: Ta bayan gida. Ka tambaye shi oda nawa yake samu a mako, kuma kowace kamar ta nawa. Mai oda 40 ta dubu 25 yana juya miliyan 1 a mako, ba ɗaya yake da mai oda 5 ba. Sannan ka ce: "Kun taɓa ba wani wannan aikin? Yaya aka ƙare?" Sau da yawa da kansa zai faɗi abin da ya biya, cikin ƙorafi. Sai ka ajiye masa biyu: "Irin wannan akwai na dubu 200, kaya 30 da hotunanku, akwai na dubu 600, da biya ta kati da ɗaukar hoto. Wanne ya fi kusa da lissafinku?" In ya ce kai, ko na farkon ya yi yawa, ka huta da rubuta takarda.

Fati mai hoto: Ni abin da ya taɓa ƙona ni daban ne. Mun gama magana da amarya tsaf, ashe yayanta ne mai biya, ya zo ya zaftare rabi. Yanzu sai na ce, "Bayan ke, wa kuma zai duba kafin a amince?"

Anti Zainab: Mubarak, ka riƙe tambayar Fati. Batun lokaci kuma, kowa "da gaggawa" zai ce. Ka tambaya, "Me ke tafe a ranar, kuma in ta wuce me za a rasa?" Hajiyarka ta ce kafin Sallah, amma atamfa sai an kai wa tela, teloli kuwa tun azumi bai yi nisa ba suke daina karɓar ɗinki. Wa'adinta na gaskiya farkon azumi ne. Mai takalma shi kasuwarsa har daren Sallah tana ci. Ka kuma ji yaushe hotuna da farashin kaya za su iso hannunka, daga ranar za ka fara ƙirga.

Kabiru: Duk na yarda, amma ni a wayar nake faɗin kuɗi. Ka ce sai gobe, kafin gobe ya samu wani yaro mai dubu 50.

Anti Zainab: Ni kuma a rubuce nake turawa washegari, in na zauna na lissafa.

Fati mai hoto: A nan ina bayan Kabiru gaskiya.

Mubarak: Na gode ƙwarai. Yanzu mai takalman ya turo saƙo, wai in faɗi "kamar nawa" tun kafin jibin. In amsa ko in ce sai mun yi magana?