"Yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa": har da gaisuwar gyara?

Ɗan Rigasa: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar muka je Tudun Wada ni da yayana, gaisuwar kawunmu da ya rasu. Da muka shiga wurin matansa, na durƙusa gaban uwargida na ce "ina kwana", kuma na kira ta Maman Sadiya, alhali Sadiya 'yar amarya ce, ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta amsa, ba ta ce komai ba. A hanya Yaya ya ce lallai in koma, wai yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa. Ni kuwa gani nake komawa fama mata ciwo ne. Karin maganar nan ta hau nan?

Malam na Unguwar Sarki: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abu biyu ne suka faru, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. "Ina kwana" da la'asar tuntuɓen harshe ne, wanda ya kwana biyu yana zaman makoki ma yakan rasa safe da yamma. Gyaransa nan take ake yi, ka ce "au, ina wuni", ka zarce da "ya haƙuri". Idan ya wuce, ya wuce, ba a dawo da shi. Sunan ne abin dubawa. Matar da ta yi shekaru tana kallon 'ya'yan kishiya, ga mijin ya tafi, an kira ta da ɗiyar wata a gaban mutane, shirunta ba ya nufin ba ta ji ba. Ka koma ranar sadakar bakwai, lokacin da kowa ke komawa, don kada zuwan ya zama abin tambaya. Ka fara da ita kafin amarya, ka ce Hajiya ko Inna, duk wanda kuka saba, ka zauna ka ja gaisuwar. Kada ka ambaci abin da ya faru.

Na Kawo: Ni dai da sallama kuka riƙe da duk ba a zo nan ba. Ita ba ruwanta da safe ko dare, ba ta neman sunan kowa. Huɗubar da aka yi mana makon jiya ke nan.

Maman Khalifa: Sallama kam ita ce gaba, Malam na Kawo, amma wa ya taɓa shiga ɗakin mai takaba ya yi sallama ya tsaya nan? Ai sai a ce ya zo da wata a ƙasa. Ni inda na saɓa da Malam na Unguwar Sarki shi ne shirun. Ya buɗe baki ya ce, "Inna, ranar nan bakina ya kuɓuce, ki yafe ni." Kalma nawa ce? Mu mata mun fi son a faɗa.

Ɗan Kasuwar Barci: Ku tsaya tukuna, anya karin maganar ma ta gyara ce? Yadda na san ta, maƙwabta ake faɗa wa, waɗanda ba sa ga-maciji. A ce ko ba ku shiri, ku dinga "ina kwana, ina gajiya", ya fi ku dinga cacar baki. Yayanka ara ya yi ya yafa.

Jikar Kakuri: Bari in ba ku labarin kakata, Allah ya kai haske kabarinta. Daga Zariya aka kawo ta Kakuri tana amarya, lokacin masaƙu na aiki dare da rana, kakanmu yana cikin masu aikin dare. Takan ce gidan hayar da suka zauna ba a yi wa kowa dariyar "ina kwana" da azahar, don rabin mazan gidan lokacin suke tashi barci, sai dai a amsa musu da "lafiya lau, ya gajiyar aiki".

To, surukinta ya zo daga ƙauye ganin gida, sunansa Musa. Kun san ita har ta bar duniya sunan nan ba ya fita bakinta. Ran nan yana zaune kan tabarma a tsakar gida, ita tana tuƙa tuwo, sai ɗan maƙwabta mai rarrafe, shi ma Musa, ya nufi murhu ya miƙa hannu ga itacen da ke ci. Ta saki muciya ta ƙwala, "Musa!" Tsohon nan ya ɗago ya ce "na'am". Ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dai fizge yaron, ta miƙa wa uwarsa, ta faɗa ɗaki, tuwon ma wata ce ta kwashe.

Ba ta fito ba sai da asuba. Ta dama kunun tsamiya, ta kai bakin ƙofar ɗakinsa, ta durƙusa daga waje, ta yi ta jero gaisuwa: an tashi lafiya, ya baƙunta, ya mutanen gida, ya aka ji da sauro. Ta ƙare ta sake ɗaukowa daga farko, ta kasa tashi. Sai ya ce, "Tashi 'yata. Jiya takwarana kika cece, na gode." Daga ranar ta koma kiran yaron Kallamu, gidan duka suka ɗauka, har ya girma ya yi aure da sunan.

Maman Khalifa: Kun ji ko? Ta koma.

Malam na Unguwar Sarki: Ta koma, amma ba ta ambata ba. Babban ne ya buɗe ƙofar da kansa, kuma haka ya kamata, don shi aka taɓa.

Maman Khalifa: Malam, suruki daban, matar kawu daban. Can kunya ce ta rufe mata baki. Shi wannan wace kunya ke tsakaninsa da Innarsa?

Ɗan Kasuwar Barci: Ni Kallamun nan ya tsaya min. Yanzu amaren zamani suna jin Maitama ko Cigari sai su ɗauka sunan yanka ne. Wata a layinmu sunan uban mijin take kira gatsau, don an sa wa ɗanta, ko Abba ba ta iya cewa.

Direban Mando: In yawan gaisuwa ake nema ku jira shekarar zaɓe. Wani ya zo unguwarmu ta'aziyya da motoci sun fi goma, ya kama hannun mai gida ya ce Allah ya jiƙan Hajiya, alhali Alhaji ne ya rasu, Hajiya na ciki tana jin sa.

Na Kawo: Wannan ai gaisuwa da roƙon iri ce. Namu ɗan takarar kuwa kowa ya gani sai ya ce masa "ranka ya daɗe", har yaron mai shayi. Yana hawa kujera ko "Allah gafarta Malam" limaminmu bai ƙara samu ba.

Direban Mando: Shi dai na wajenmu ya gyara, ba laifi. Ya ce wai Hajiyar da ta haifi Alhajin yake nufi.

Jikar Kakuri: Kun kawar da zancen. Ɗan Rigasa, in za ka koma kada ka je hannu biyu, ko sabulu da sukari ne ka riƙa mata, kuma ka miƙa a hannunta, ba ta hannun 'ya'yan gidan ba.

Ɗan Rigasa: Na gode ƙwarai. Ranar Alhamis ne bakwai ɗin, zan je in sha Allahu. Faɗa ko shiru ne har yanzu ban tsayar ba. Kuma tun muna yara Gwaggo muke ce mata, Yaya ne kawai ke cewa Hajiya tun da ta sauke farali. Wanne zan kira ta da shi?

Ɗan Kasuwar Barci: Matar kawu kuma Gwaggo? Ku mutanen ina ne asali?