Zaƙulo takardar hukuma ta ainihi a Google: kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Mai POS, Mile 12: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun yi musu da maƙwabcina a kasuwa kan dokar taƙaita cire kuɗi ta ƙarshen 2022. Shi ya ce naira 100,000 ce a mako, ni na ce 500,000. Na shiga Google, sai labaran jaridu rututu, kowa da nasa adadin. Takardar Babban Bankin Najeriya ita kanta nake so in gani. Wa ya taɓa zaƙulo irin wannan?

Ɗan Agege: Wa alaikumus salam Malam. Ku duka kuna da gaskiya, don takardun biyu ne. Ta 6 ga Disamba 2022 ce ta ce 100,000 a mako ga mutum ɗaya. Da jama'a suka koka, ta 21 ga Disamba ta mayar da shi 500,000. Rubuta wannan:

```
cash withdrawal limit site:cbn.gov.ng filetype:pdf after:2022-12-01 before:2022-12-31
```

`site:` zai tsare binciken a shafin bankin kaɗai, jaridu duk su fita. `filetype:pdf` zai bar maka takardu zalla. Biyun ƙarshe su killace maka watan Disamba. Kwanan watan kuma shekara ake fara sawa, sai wata, sai rana. Kalmomin neman na sa su da Turanci ne saboda da shi aka rubuta takardar, kuma abin da ke cikinta ake dubawa.

Mai POS, Mile 12: Na gwada, amma har yanzu jaridun na fitowa.

Ɗan Agege: Duba da kyau, ko wayarka ta sa tazara bayan ɗigo biyun nan. Madannin waya na yawan yin haka da kansa. In ka rubuta `site: cbn.gov.ng` da tazara, umarnin ya karye. Alamar da za ka gane ita ce ka ga ko sakamako ɗaya daga wani shafin daban.

Hajiya mai atamfa, Balogun: Nima ina da irin matsalar, ɗana. Rasit ɗin da ake turo min a WhatsApp ɓacewa suke yi. In na sa wannan `filetype:pdf` zai nemo min su?

Ɗan Agege: A'a Hajiya, wannan ba ya shiga cikin wayarki. Abin da ke buɗe a intanet kawai yake gani. Naki sai ki nema a cikin WhatsApp ɗin, a ɓangaren takardu.

Ɗaliba, Akoka: Ni da `site:unilag.edu.ng` nake neman jadawalin zangon karatu. Kuma tunda na koyi `after:` na huta, don duk abin da ya fito na san na bana ne, ba sai na duba ba.

Ejan na Apapa: Ƙanwata, a nan kam ki yi hattara. Ranar da Google ke aiki da ita ƙiyasi ce, ba lallai ta zama ranar da aka sa wa takarda hannu ba. A aikinmu na fitar da kaya na sha ganin tsohuwar sanarwa ta bayyana cikin sababbi don an sake ɗora ta. Na kuma ga wadda na tabbata tana nan ta ɓace da zarar na sa iyakar kwanan wata, ina cirewa ta dawo. Shi ya sa nake farawa da `site:` da `filetype:` kaɗai. Sai sakamako ya yi yawa nake ƙara kwanan wata, kuma in faɗaɗa shi da wata guda gaba da baya. Bayan haka dole in buɗe takardar in karanta ranar da ke samanta da lambarta, domin da ita ake zuwa gaban jami'i.

Ɗan Agege: Haka ne Yaya. Ƙari a kai, in ba ka san wace hukuma ce ta fitar ba, sa `site:gov.ng`, zai haɗa har da `lagosstate.gov.ng`. Mai neman jadawalin lissafi irin na Excel kuma ya gwada `filetype:xls` da `filetype:xlsx` daban-daban, don ba ɗaya ba ne.

Ejan na Apapa: Wadda ta fi ba ni wahala ita ce takardar da aka ɗauki hotonta aka mayar PDF. Wani lokaci ta fito, wani lokaci ko kalmominta na kwafa daidai ba ta fitowa. Ina zaton ingancin hoton ne.

Ɗaliba, Akoka: Ko kuma Google bai taɓa kaiwa gare ta ba?

Mai POS, Mile 12: Tazarar ce kuwa, na cire. Ta 6 ga wata ta fito, ta 21 ba ta fito ba tukuna. Bari in cire kwanan watan kamar yadda Alhaji na Apapa ya ce, in sake gwadawa.